Jikka huɗu da dala ɗari da hamsin: wa ya taɓa tura buƙatar biya?

Mai kilishi, Tawa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata hajiya a Yamai ta sayi kilishi wurina, na ce mata jikka huɗu da dala ɗari da hamsin. Ta ɗauki waya ta buga 4150. Alhali a lissafin sefa 4750 ne, tunda dala guda sefa 5 ce, dala ɗari da hamsin kuwa 750. Dala ɗari da ashirin ta tafi ke nan, kuma kunya ta hana in sake kiranta. Ƙanena ya ce akwai wurin neman kuɗi a cikin manhajar tura kuɗi ta waya. Wa ya gwada?

Mai butik, Wadata: Wa'alaikumus salam. Ni da shi nake aiki. A tawa an rubuta Demander. Ka zaɓi mutum ɗaya cikin lambobinka, ka buga adadin da kanka da sefa, 4750, ka rubuta dalili, misali kilishi, ka tura. Saƙo zai isa wayarta da sunanka da adadin. Ita ba ta buga kuɗi, sai dai ta duba, ta yarda ta sa lambar sirrinta, ko ta ƙi. Amfaninsa ke nan: wanda ya san farashi shi ke juya dala zuwa sefa, sau ɗaya. Amma ka lura, idan hannunka ya zame ka sa 475, abin da za ta biya ke nan. Kuskuren ya dawo kanka.

Ɗan kabu-kabu: Kai, ni ban yarda da abin nan ba. Ashe duk mai lambata yana iya jan kuɗi daga asusuna?

Mai butik, Wadata: A'a ƙanena, ba ja ba ne, sallama ce a bakin ƙofa. Ko dala ba ta motsawa sai mai asusu ya sa lambar sirri.

Uwar gida mai atamfa: Gaskiya ne, amma ɗan nan bai yi ƙarya duka ba. Bara wani ya kira ni, wai ya turo mani jikka ashirin na kaya, in sa lambar sirri kuɗin su shigo. Na buɗe, ga 20000 ɓaro-ɓaro. Allah ya taimake ni 'yata tana kusa, ta karanta faransancin ta ce, Inna, wannan nema yake, ba turowa ba. Tun ranar na riƙe abu ɗaya: karɓar kuɗi ba ya son lambar sirri, fitarwa ke so.

Mai kilishi, Tawa: Allah ya tsare, Hajiya. To idan na tura, in kai kaya tasha nan take?

Mai butik, Wadata: Kada ka kuskura, Malam. Nan na ƙone. Na tura wa wani buƙatar 12500 na shinkafa da mai, ya nuna mani wayarsa, na hango adadin da sunana, na ɗaura mashi kaya a babur. Da dare ina lissafi na ga En attente, wato ana jira, a gefen sunansa. Abin da ya nuna mani takardar nemana ce, ba shaidar biya ba. Ba ɓarawo ba ne, kuɗin asusunsa ne ba su kai ba, sai bayan kwana uku ya biya. Yanzu wayata nake dubawa, ba ta mai saye ba: in ga alamar ta koma an biya, in ga asusuna ya ƙaru da daidai adadin.

Dillalin albasa, Galmi: Ni matsalata daban. Mutanena ba sa biya gaba ɗaya. Na nemi jikka talatin, mutum yana da ashirin a hannu, kuma manhajata ba ta bari ya rage. Sai ya turo ashirin ta hanyar da aka saba, tsohuwar buƙatar tana nan rataye. Da yaronsa ya ga ta ya amince, da sun biya hamsin. Dole in soke ta, in tura sabuwa ta goma.

Uwar gida mai atamfa: Kuɗin cirewa fa? In na nemi 4750, wajen mai cirewa ba 4750 zan riƙe a hannu ba. Ni ina ɗorawa a kai, amma sai na faɗa wa mutum da baki tukuna.

Dillalin albasa, Galmi: Haba Hajiya, ai wannan naki ne. Ke za ki cire.

Uwar gida mai atamfa: Alhaji, ribar turmi nawa ce da zan ɗauke?

Mai kilishi, Tawa: Wannan kam ku ƙarasa tsakaninku. Na gwada da ƙanena yanzu, dala ashirin, na buga 100, ya amince ta shigo. Saura hajiyar Yamai. Tsarar mahaifiyata ce, ban san ko tura mata buƙatar 600 ba zai zama rashin kunya ba.

Uwar gida mai atamfa: Kira ta ka gaishe ta tukuna, ɗana. In ta ce turo, sai ka tura.