Yadda ake tuna wa ɗan haya bashin kuɗin gida

Masu gidajen da suka tattauna batun sun yarda cewa a fara samun ɗan haya shi kaɗai, ba a gaban iyalinsa ko maƙwabta ba, a gaisa, sannan a faɗi adadin kuɗin da ranar da ya kamata ya biya. Idan makonni shida sun wuce, misali, a ce masa: "Malam, kuɗin haya bai shigo ba, ina roƙon ka biya kafin ƙarshen wata, ko ka kawo rabi mu sa ranar cikon." Yawancinsu sun fi son a rubuta yarjejeniyar a gaban shaida. Sun hana cire ƙofa ko yanke wuta, domin kotu ce ke da ikon fitar da mutum.