Naira ɗari tara a takardar albashin Saratu

Rabi'atu: Na rubuta gajeren labari a kan Saratu, sabuwar akawu a wani kamfani a Kano, wadda ta ga an cire mata naira 900 daga albashinta na farko, naira 90,000, a ƙarƙashin layin da aka rubuta "Others" kawai, ta je ta tambayi akanta. Wani da ya karanta ya ce ta yi rashin kunya, domin akanta ba ya cire abin da doka ba ta ce a cire ba. Shin haka ne?

Malam Sani: Ina tare da mai wannan magana. Duk wanda ya taɓa karɓar albashi ya san ana cire kuɗin fansho da haraji, kuma babu mamaki wannan ɗari taran wani ɓangare ne na fanshon. Yarinyar da ko wata biyu ba ta yi ba, kamata ya yi ta fara tambayar wata babba a ofis kafin ta tunkari akanta.

Hajiya Binta: Malam Sani, na shafe shekaru ina haɗa albashi, kuma lissafin ba ya goyon bayanka. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai kamfani ya ƙara kashi 10, kuma yawanci ana ɗora lissafin ne a kan gundarin albashi da kuɗin gida da na mota. Mu ɗauka waɗannan ukun sun kama naira 81,000 a wurin Saratu, sauran 9,000 kuɗin abinci ne. Fanshonta zai zama naira 6,480, kuma yana da layinsa da sunansa, kamar yadda haraji yake da nasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, 900 daidai take da kashi ɗaya cikin ɗari na 90,000. Akwai kashi ɗaya da ake biya wa hukumar NSITF domin diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, amma dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora shi a wuyan mai kamfani, ta kuma hana a cire shi daga albashin ma'aikaci. Idan shi ne aka ɓoye a wannan layin, to an zalunci Saratu, ko da akantan bai yi da gangan ba.

Isyaku: Ni ma an taɓa cire mini naira 2,000 duk wata har na fara zargin mutane, ashe kuɗin ƙungiyar adashen ma'aikata ne, kuma da hannuna na sa hannu a cikin tarin takardun ranar kama aiki ban karanta ba. Kunya ta ishe ni ranar da aka nuna mini. Ku bar yarinyar nan ta yi haƙuri.

Hajiya Binta: Isyaku, labarinka ai hujjarmu ce, domin da ba ka tambaya ba da ba a fito maka da takardar ba. Abin da Saratu take nema ke nan: a faɗa mata sunan kuɗin, a nuna mata dokar da ta ba da izini ko kuma sa hannunta. Sashe na 5 na dokar ƙwadago ya taƙaita abubuwan da za a iya cirewa, ya hana cin tara ta hanyar yanke albashi, kuma masu aikin akawu suna cikin waɗanda dokar take karewa.

Malam Sani: Na karɓi gyara a kan fansho, Hajiya, amma dacewar lissafi ba shaida ba ce, domin wasu ofisoshin suna da asusun gudummawar biki da rasuwa wanda shi ma kan kama kashi ɗaya. Sannan ban sauka daga maganata ta biyu ba. Saratu tana lokacin gwaji, ba a tabbatar da ita ba, kuma akantan da aka tsare da tambaya a gaban yaransa ba ya mantawa. Doka ba ta zama a ofis tare da mutum.

Rabi'atu: A labarin ba a gaban kowa ta yi ba. Ta jira bayan azahar, ta yi sallama, ta ajiye takardar a kan tebur, ta ɗora yatsa a layin ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ne ban gane ba." Shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba, ya ce haka kwamfuta take fitarwa.

Hajiya Binta: Wannan amsar na sha jin ta, 'yata, kuma tana ƙona mini rai, domin mutum ne yake shigar da kowane layi a kwamfutar. Ki sa Saratu ta roƙe shi ya rubuta mata sunan layin, sannan ta adana takardar ta haɗa da ta wata mai zuwa. Idan albashi ya motsa kuɗin ya motsa tare da shi, kaso ne ake cirewa. Idan sau ɗaya ya bayyana ya ɓace, wataƙila kuɗin katin shaidar aiki ne.

Malam Sani: Idan kuma ya ƙi rubutawa fa, Hajiya? Nan ne nake son in ga abin da Saratu za ta yi, tana da wata biyar a gaba kafin a tabbatar da ita.