Me za mu kira "shant regileta" da Hausa?

Mai gyaran rediyo, Taminus: Salamu alaikum. Ina koya wa yaran shagona haɗa zena da rasista don a sami bolt 5.1 daga batirin sola, amma sunan haɗin ya gagare ni. Ni dai "magudanar rara" nake ce musu. Ana juya zenar baibai a gefen kayan da ake ba wuta, duk karan ɗin da kayan bai sha ba sai ta zubar da shi ƙasa, kamar bututun da ke bakin tanki in ya cika. Ya dace?

Ɗalibi, Unguwar Rogo: Oga, ai sitabilaiza ce kawai, kowa ya san ta.

Malamin lantarki, Bukuru: A'a ɗana, ka ce sitabilaiza yaro zai tuna ta firji, wadda ke iya ɗaga wuta. Wannan ragewa kaɗai take yi. Magudanar rara ya kwanta mini, domin sunan yana koyar da lissafin: sai da rara take aiki. A ce batiri na yawo tsakanin bolt 11 da 14.4, kayan na shan miliam 0 zuwa 20, zena kuma na son aƙalla miliam 5. Da lokacin ƙunci ake zaɓen rasista, wato batiri ya yi ƙasa kayan kuma na sha sosai:

```
R = (11 - 5.1) / (0.020 + 0.005) = 236 Ω
```

Sai a sauko zuwa om 220, kada a hau sama. Daga nan a duba lokacin yalwa, rana ta take, batiri na 14.4, an cire kayan. Bolt 9.3 ne a kan rasistan, miliam 42 duk ta cikin zena. Zafinta bai wuce wat 0.22 ba, mai rabin wat ta isa. Rasistan ne abin ji, yana ɗaukar kusan wat 0.4.

Mai gyaran rediyo: Wallahi Malam abin da ya same mu ke nan. Mai kwatan wat yaron ya sa, kafin azahar ya yi baƙi, launukan jikinsa ba sa karantuwa.

Mai haɗa sola, Farin Gada: To a sa om 470 mana, zafin ya ragu. Kuma ni "birkin wuta" nake kiran abin gaba ɗaya.

Malamin lantarki: Zafi zai ragu, gaskiya ne. Amma da asuba, batiri na 11, miliam 12 da ɗoriya kaɗai zai wuce in ana son bolt 5.1 ya tsaya, kayan na neman 20. Ba rara, zena ta yi shiru, ka ɗora mita ka ga wajen bolt 4. A bar 220 ɗin, a sayi mai wat 1. Birki kuwa rasistan ya fi cancanta da shi.

Ɗalibi: Malam, magudana ba kwata take tuna wa mutum ba? Ni "mashayar rara" ta fi mini daɗin faɗa.

Mai gyaran rediyo: Birki na karɓa wa rasistan. Sauran biyun zan gwada su a kan yaran gobe, in ji wanda ya zauna a bakinsu.