Yaya zan gyara wa abokin aiki kuskure ba tare da mun yi faɗa ba?

Jama'a, a taimaka min. Abokin aikina ne ke haɗa rahoton kowane wata, kuma sau 3 ke nan jimillar lissafinsa ba ta fita daidai, sai ni nake gyarawa a ɓoye. Na farko na faɗa masa a gaban mutane (laifina ne, na sani), ya ɗaure fuska, ya yi kwana 2 bai gaishe ni ba. Na biyu na keɓe shi, na fara da yabo, amma ina cewa "sai dai" ya katse ni: "To kai ba ka kuskure?" Na tura masa saƙo, ya amsa da "na gani" kawai.

Ba na son kai ƙara wurin oga. Da wace kalma zan buɗe maganar har ya saurare ni zuwa ƙarshe?