Kafin in saki tallar shayin zogale, ku duba min

Sadiya: Assalamu alaikum mutanen zaure. Na gama rubutun wata talla ta minti ɗaya, wata Hajiya ce mai haɗa shayin zogale ta ba ni aikin, gobe da safe za mu ɗauki murya mu ɗora a TikTok da Facebook. Ga inda nake ɗan jin tsoro: "Kwali ɗaya N3,500, uku N9,000, ragin kashi 20 ke nan. Yana maganin ciwon suga da hawan jini, yana da lambar NAFDAC." Don Allah me kuke dubawa a karo na ƙarshe kafin ku saki?

Bashir Fagge: Wa'alaikumus salam. Ni dai in akwai lambar NAFDAC ai shi ke nan an wuce wajen, ki sa lambar ta fito ɓaro-ɓaro a bidiyon ki saki abinki

Malam Habu: A'a Bashir, tsaya tukuna. Sadiya fara da lissafin, don shi ne kowa zai iya kama ki da shi da wayarsa. Uku sau 3,500 ya kama 10,500, an sayar 9,000, ragin 1,500 ne. Ki raba 1,500 da 10,500 za ki ga kashi 14 ne da ɗan ɗoriya, bai kai 20 ba. In da gaske kashi 20 take so to uku N8,400 za ta sayar. Ki kira ta ki tambaye ta wanne ne gaskiyar, ko kuma ki cire maganar kashi gaba ɗaya ki ce "ka sayi uku an rage maka N1,500", mutane ma sun fi gane wannan.

Sadiya: Innalillahi, wallahi yadda ta faɗa min a waya haka na rubuta ban buga ba

Anti Rabi: To wannan faɗa a wayar ita ce matsalar, ƙanwata. Ni yanzu ba na karɓar farashi da baki, sai mai kaya ya rubuto min a saƙo, ranar da za a ɗauki murya kuma in sake tura masa ya ce eh haka yake. Na taɓa yi wa wani mai turare talla, tsakanin rubutu da ɗorawa kwana tara, ashe ya ƙara kuɗi bai gaya min ba, masu saye suka yi ta zuwa da tsohon farashi ana cacar baki a shago, ƙarshe ni aka ɗora wa laifi muka sake ɗaukar murya da kuɗina. Sannan ki tambaye ta kuɗin kaiwa yana ciki ko daban, kuma ragin nan zuwa yaushe ne, ki sa ranar ƙarewa da wata a ciki don bidiyo yana nan yana yawo har bayan wata shida.

Bashir Fagge: Amma Malam maganar NAFDAC ɗin fa, ai ba ƙarya na yi ba

Malam Habu: Rabinta daidai ne. Lambar tana da amfani kuma a sa ta, amma ba ta ba ka izinin faɗin duk abin da ka ga dama. Magungunan gargajiya da yawa lambarsu da harafin L take ƙarewa, ma'anarsa an duba ba ya cutarwa aka sa shi a jeri, ba wai an gwada an tabbatar yana warkarwa ba. Shi ya sa za ka ga an rubuta a jikin kwalinsu da Turanci cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Sadiya ki karɓi kwalin a hannunki ki duba, ki kuma nemi hoton satifiket ɗin ki ga sunan kayan da lambar sun yi daidai da na kwali, da ranar ƙarewarsa. Akwai masu rijistar kaya ɗaya su manna lambar a kaya uku.

Jimlar suga da hawan jinin kuwa cire ta kawai za a yi. Dokar abinci da magunguna ta Najeriya tana da jerin cututtukan da aka hana a tallata wa jama'a cewa abu yana maganinsu ko yana rigakafinsu, suga da hawan jini da ciwon daji duk suna ciki. Kuma ko a bar batun doka, mai suga ya ji tallar ya ajiye maganin asibiti ya koma shayi, hakkin yana wuyan wa? Wannan ya fi damuna.

Sadiya: To in na mayar da shi "yana taimaka wa masu suga" fa? Don Hajiyar a kan wannan jimlar take ganin za ta yi ciniki

Malam Habu: Riga kawai kika canza masa, mai sauraro abu ɗaya zai ji. Ki faɗi abin da ke cikinsa, ganyen zogale ne busasshe, babu ƙarin sukari in har babu ɗin, yadda ake dafawa, ƙulli nawa ne a kwali. In ta matsa ki gaya mata tallar kayan da NAFDAC ke kula da su sai an kai wa hukumar rubutun ta amince, takardar wannan daban take da ta rijistar kaya.

Ummi: Ni nawa da Canva nake yi, akwai kalar rubutu masu kyau sosai, kore zai dace da zogale

Anti Rabi: Ummi ba zanen ake tambaya ba, amma kin tuna min wani abu. Wasu salon rubutun ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ki ga akwati ya fito a wurin ko harafin ya ɓace. Ki duba bayan an fitar da bidiyon, a ƙaramar waya, ba a takardarki ba. Na ga tallar da aka so a ce "shayin tarbar baƙi" ya fito "baki", ma'ana ta tafi wani wajen. Haka ƙasa da kasa.

Isuhu Maraɗi: Anti ta yi gaskiya. Kuma in tallar za ta iso mana nan Nijar a ce naira a fili. Mu da dala muke ƙirga sefa, in aka ce ɗari sefa 500 ake nufi, jika kuma 1,000. Mai murya ya ce "dubu uku da ɗari biyar" ya yi shiru sai tsofaffinmu su yi wani lissafin daban.

Bashir Fagge: Dabarar da nake yi ta lamba, ina ba ƙanina takardar ni kuma in saurari muryar ya bi da yatsa. Lambar waya 11 ce, ta akawun 10, ki ƙirga, ki kira lambar da kanki, ki sa ta akawun a manhajar banki ki ga sunan da zai fito na Hajiyar ne

Sadiya: Wannan zan yi. Saura abu ɗaya, ta turo min muryar wata kwastoma tana cewa sugarta ta sauka, ta ce a sa a ƙarshe

Malam Habu: Iƙirarin da kika cire ne zai dawo ta bakin wata. Kuma matar ta san za a watsa muryarta da ciwonta ga duniya? Saƙo ta tura wa mai kaya, ba talla ta yi ba. A bar shi.

Anti Rabi: Malam batun ARCON, hukumar kula da tallace-tallace fa? Tun da aka yi dokar 2022 ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON suke cewa har tallar soshiyal midiya sai an kai an tantance kafin a saki. Amma ni ban ga mai ƙaramar sana'a a unguwarmu da ya kai ba gaskiya

Malam Habu: Abin da hukumar ta ce ke nan kuma ni haka nake gaya wa duk wanda na yi wa aiki, a rubuce, don ya zama ya sani.

Bashir Fagge: Mai sayar da kwali talatin a wata za a ce ta biya kuɗin tantancewa? Malam wannan ban ga yadda zai yiwu ba

Sadiya: Zan rubuta mata duka biyun, na NAFDAC da na ARCON, ta yanke da kanta. Na ɗaga ɗaukar muryar zuwa jibi. Yanzu ta amsa min ta ce uku N9,000 ne daidai, maganar suga kuma ta ce sai mun yi waya da daddare.