Likkafar da aka ce ta shekara ɗari: yaya ake gane tsohuwar tagulla da wadda aka shafa wa tsufa?

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Ringim: Assalamu alaikum. Wani dillali ya kawo mini likkafar tagulla guda biyu, yana cewa daga gidan wani tsohon hakimi suka fito kuma sun haura shekara ɗari. Kore ya lulluɓe su ciki da waje, har yana kama yatsa idan an shafa. Ina son su domin dokin da nake hawa da Sallah, amma kuɗin da ya sa na kayan tarihi ne, shi ya sa nake neman wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Mai sayar da kayan doki, Ɗambatta: Wa alaikumus salam. Malam, ka kara musu maganaɗisu, idan ya kama to ka mayar masa da kayansa. Sannan ka ƙwanƙwasa, domin a sanina tsohuwar tagulla ba ta ƙara kamar sabuwa.

Tsohon maƙerin fari, Kazaure: Alhaji, maganarka da gaskiya a ciki, amma ba ta kai inda ake so ba. Maganaɗisu yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa rufin tagulla ne kawai, alhali tagullar da aka zuba jiya da wadda aka zuba zamanin kakanni duk ba ya kama su. Ƙara kuma ta danganta da yawan dalmar da ke cikin haɗin da kaurin abin, ko da tsagar da ido bai gani ba.

Ni koren nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ƙasarmu busasshiya ce, kuma likkafar da aka rataye a ɗaki ana hawa da ita duk shekara ba ta yin kore mai kauri. Duhu take yi, ruwan ƙasa mai kama da hanta, saboda hayaƙi da maiƙon hannu, sai ɗan kore a lungunan zane. Kore mai yawa na abin da ya daɗe a binne ne a ƙasa mai laima. Saboda haka labarin dillalin da launin kayan sun riga sun saɓa wa juna.

Na ga yadda ake yin wannan aiki ina saurayi, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Ana jiƙa sabon zubi da ruwan gishiri ko ruwan batir, a binne shi a turken dabbobi inda fitsari ke jiƙa taki na wasu makonni, a tono, a shafe shi da baƙin tukunya da man takalmi. Abin da ke fitowa kore ne mai haske, iri ɗaya ko'ina, yana zaune a saman ƙarfen kamar gari. Ka samu wurin da ba a gani, ka ɗan kankare da tsinke. A abin da ya tsufa a ƙasa da gaske, ƙarƙashin koren akwai wani ɓawo ja mai duhu da ya ci cikin ƙarfen, ba ya fita da farce. A na bogi kuwa, yawanci da ka ture koren sai rawaya mai sheƙi ta bayyana nan take. Bayan haka ka ɗiga asiton, wato ruwan da mata ke goge jan farce da shi, a kan auduga ka goga. Tsatsa ta gaskiya ba ta narkewa a cikinsa, amma fenti da man takalmi za su bar launi a audugar.

Wata uwa, daga karkarar Gumel: Baba, tunda ka san aikin, ni mundayen kakata ne suka yi baƙi, na wanke ɗaya da tsamiya da toka har ta koma kamar sabuwa. Shin in yi wa sauran haka?

Tsohon maƙerin: 'Yata, idan sawa za ki yi, iyayenmu ma haka suke wanke nasu. Idan kuwa ajiya za ki yi domin tarihi, ki bar su, domin duhun da kika cire shaida ce da ba ta dawowa sai bayan shekaru. Amma ki duba cikin wadda kika wanke, za ki tarar ya yi sumul inda ya sha gogar fata, kuma wannan santsin tsamiya ba ta goge shi.

Wannan ne ma abin da nake so mai likkafa ya fi dubawa. Wuri biyu ne ke cinyewa a likkafa: inda tafin ƙafa ke taka, da kafar da fatar ɗauri ke ratsawa. Cinyewar gaskiya santsi gare ta, kuma a wurin aiki kawai take. Wanda ya gurza da magagari ko inji yakan bar layuka a jere, ya kuma gurji wuraren da ƙafa ba ta taɓa kaiwa.

Malamin kimiyya a wata sakandare, Bichi: Ina ƙara wani abu a kan na Baba, wanda ya faru da ni. Na taɓa sayen ƙararrawa da ta tsallake gwajin asiton, domin da sinadari aka yi mata koren, babu fenti. Abin da ya tona ta shi ne na ga 'yar uwarta a wani wuri da lotsawa iri ɗaya a gefe ɗaya. Ashe tsohuwa ta gaske aka danna a yumɓu aka yi ta zuba kwafi, kowane kwafi ya ɗauko tabon uwarsa. Irin wannan cinyewar da aka zubo tare da abin tana da kaushi kamar yashi idan aka duba da gilashin masu gyaran agogo, zanen kuma ya dushe. Tagulla tana ƙanƙancewa da kusan kashi 1.5 cikin ɗari idan ta huce, don haka kwafin abin da tsawonsa santimita 20 ne zai gaza da kusan milimita 3.

Tabbaci na ƙarshe sai a ɗakin gwaji. Tsohuwar hanyar haɗa tagulla ba ta cika kai tutiya sama da kashi 28 zuwa 33 cikin ɗari ba, alhali tagullar kan famfo da ake narkawa yanzu tana kusan kashi 40. Idan kuma aka samu alminiyam a haɗin, abin bai girmi ƙarshen ƙarni na 19 ba, domin sai bayan 1886 ya fara yawaita. Da irin waɗannan gwaje-gwaje ake tantance zubin tagullar birnin Benin, inda har yau maƙeran titin Igun ke zubi da kakin zuma. Sai dai mai wayo yakan narka tsofaffin mundaye ya zuba sabon abu, gwajin haɗin ya wanke shi. Ka kuma sani, dokar kayan tarihi ta 1979 ta taƙaita cinikin irin waɗannan kayan da aka yi kafin 1918, don haka idan sun tabbata tsofaffi, ka tuntuɓi ma'aikatan Gidan Makama a Kano kafin ka biya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na jera su a rana na duba. Audugar ta yi baƙi, ƙarƙashin koren rawaya ce tas, kuma dukansu biyu suna da tsaga ɗaya a kusurwa ɗaya, wadda ba ta ratsa ƙarfen ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kafar fatar ɗaya ta cinye sumul, ta ɗayar kuwa da kaushinta.

Tsohon maƙerin: To, mai yiwuwa mai santsin an daɗe ana hawa da ita, abokiyarta ta ɓata, aka zuba mata sabuwa daga jikinta, sannan aka shafe su tare domin su yi kama. Ka auna tsawonsu da zare, ka ga ko mai kaushin ta gaza.

Malamin kimiyya: Baba, milimita 3 za ta yi wuyar kamuwa da zare. Gara ya ari ma'aunin masu gyaran inji, ya auna wuri uku a kowace likkafa.