Zazzaɓin yaro da tsakar dare: wa ya taɓa tambayar manhajar hira, me ya biyo baya?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum. Shekaranjiya da dare jikin ɗana mai shekara biyu ya yi zafi, ma'auni ya nuna 38.6. Na buɗe manhajar hirar nan mai ƙirƙirarriyar basira na tambaye ta yawan farasitamol ɗin da zan ba shi. Ta nemi nauyinsa, na ce kilo 12, ta ce in ba shi mil 7.5. Na ba shi, zafin ya sauka, ya samu barci. Da safe maigidana ya yi ta faɗa wai ban kyauta ba. Ni dai ina so in ji daga waɗanda suka gwada, lafiya lau ne a riƙa yin haka?

Anti Nas: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Na daɗe ina aiki a ɗakin yara, don haka tambaya ɗaya zan fara yi miki: ta tambaye ki abin da ke rubuce a jikin kwalbar?

Ga dalili. Ana auna farasitamol da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, duk bayan awa huɗu zuwa shida, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 12 iyakarsa miligiram 180 a kowane sha ɗaya. Idan sirof ɗinki mai miligiram 120 a cikin mil 5 ne, to mil 7.5 daidai ne, ba ta yi kuskure ba. Amma akwai sirof na manyan yara mai miligiram 250 a cikin mil 5, kuma kwalaben kan yi kama. Da shi ne a hannunki, mil 7.5 ɗin nan ya zama miligiram 375, ya ninka abin da ya dace har da ɗoriya. A wannan kwalbar mil 3.6 kawai yake buƙata. Manhajar ba ta ganin kwalba, zato take yi, kuma ba kullum take faɗa miki cewa zato ta yi ba.

Abin da ke ba ni tsoro da wannan magani shi ne yaron da aka cika masa ba ya nuna komai ranar farko, sai dai ɗan amai. Sai kwana na biyu ko na uku hanta ta fara nuna ta taɓu. Maganin da ake karya gubar da shi ya fi aiki idan an fara cikin awa takwas. Duk wanda ya ga ya cika wa yaro, ya ɗauki kwalbar ya tafi asibiti a lokacin, kada ya ce ai ga shi yana wasa.

Maman 'yan biyu: Yanzu na duba, mai 120 ne, alhamdu lillahi. Amma gaskiya ba ta tambaye ni ba.

Baban Ummi: Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Kullum ina amfani da ita, kuma na lura idan ka ba ta cikakken bayani, shekaru, nauyi, ƙarfin maganin, lissafinta ba ya kuskure. Laifin mai tambaya ne da bai cika bayani ba. Ko likita ka ɓoye masa rabin magana ai zai ba ka rabin magani.

Anti Nas: Baban Ummi, rabin maganarka gaskiya ce. Sai dai likita ba ya jiran ka cika masa bayani, shi ke tono abin da ba ka san yana da muhimmanci ba, kuma yana kallon yaron. Uwa za ta rubuta "yana ta barci", manhaja ta ɗauka hutawa yake. Ni da na ɗaga hannunsa na ga ya faɗi lakwas, na kira sunansa bai buɗe ido ba, na san ba barci ba ne. Sannan cewa lissafinta ba ya kuskure, ban yarda ba. Ka yi mata tambaya ɗaya sau biyu da kalmomi daban ka gani, wani lokaci amsoshin ba sa zuwa ɗaya, kuma dukansu da cikakken tabbaci take faɗinsu. Takardar da ke cikin kwalin maganin ta fi ta abin dogaro.

Ɗan'uwanku a ko'ina: Ni tawa ba ta yaro ba ce. Sakamakon gwajin jini aka miƙo min, duk gajerun haruffa da lambobi, na rasa kansa. Na tura mata ta yi min bayanin kowane layi, har ta taimaka na tsara tambayoyin da zan yi wa likita. Ranar da na koma, mun fi fahimtar juna da shi. A nan kam ta yi min rana.

Anti Nas: Wannan amfani ne mai kyau, don ka koma wurin likitan da shi. Irinsa nake ba mutane shawara: fassarar takarda, tunatar da yadda ake shan maganin da aka riga aka rubuta, shirya tambayoyi.

Maman Nana: Ni tawa ba ta zo da daɗi ba. 'Yata tana da sati bakwai jikinta ya yi ɗumi, 38.1. Ƙanwata ce ta rubuta tambayar, ta ce "jaririya tana zazzaɓi kaɗan", ba ta sa watanninta ba. Amsar ta zo da tsawo: a rage mata kaya, a yawaita ba ta nono, a lura da ita. Can ƙasa ne aka ambaci cewa idan ba ta kai wata uku ba a ga likita, mu kuwa wa ya karanta har ƙasa da ƙarfe biyun dare? Da asuba ta ƙi kama nono, muka garzaya. Ciwon mafitsara ne ya kama ta, aka kwantar da mu ana yi mata allurai ta jijiya. Ta warke, amma likitan ya ce jariri ƙasa da wata uku da ya kai 38 ba a kwana da shi a gida, ko da yana murmushi.

Baban Ummi: Allah ya ƙara mata lafiya. Amma kin ga ai ta faɗa, ku ne ba ku karanta ba.

Maman Nana: Ta faɗa a layi na ƙarshe, Malam. Mutum da ya san aikinsa da wannan zai fara, kafin ma ya ce komai sai ya tambayi watanninta.

Anti Nas: Ina bayan Maman Nana. Ku riƙe waɗannan, duk wanda kuka gani ku ajiye waya ku nemi asibiti: jijjiga, ƙin shan nono ko ruwa, aman duk abin da ya shiga ciki, nauyin barcin da ba a iya tashinsa, sandarewar wuya, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki in ya ja numfashi. Numfashin ma kuna iya ƙirgawa da agogo na minti ɗaya cif lokacin da yaro yake kwance shiru. Daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. Kuma inda ake fama da maleriya, babu hirar da za ta bambance ta da wani zazzaɓin, sai gwajin jini. Saukar zafi bayan farasitamol ba ya nufin ciwon ya tafi.

Maman 'yan biyu: Na gode Anti. Jikin ya sake ɗumi da yamman nan, yana ci yana wasa dai, amma yau kwana na uku ke nan. Akwai kuma sirof ɗin mura da nake haɗa masa da shi.

Anti Nas: Dakatar da na murar ki karanta jikinsa tukuna, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai ki ninka masa ba ki sani ba, kuma ba a so a ba ɗan shekara biyu irinsu sai da izinin likita. Kwana uku kuma ya isa a duba shi. Ki kai shi gobe da safe, ki tafi da kwalaben biyu. In kin ga ɗaya daga cikin alamomin can kafin wayewar gari, kada ki jira safiya.